Yadda Ake Zaunar Da Hoton Haja A Ɗakin Da Ƙirƙirarriyar Basira Ta Zana

Akasarin hotunan tallan da ake haɗawa ta wannan hanya tun kafin a buɗe manhajar gyara suke lalacewa. Mutum zai sa na'ura ta zana masa ɗaki mai kyau, taga da labule da teburin katako, sannan ya ɗauko hoton hajarsa ya manna a kai, ya shiga kokawa da shi. A ja nan, a matse can, a ƙara duhu a ƙasa, amma kwalba ta ƙi zama, kamar wadda aka rataye da zare. Dalilin kuwa guda ne: kamar kyamara biyu ce ta ɗauki abu biyun, kowace daga nata tsayi, kowace da nata haske. Hoton haja ba ya canzuwa, don ya riga ya ɗauku, rubutun jikinsa kuma ba a taɓa shi. Ɗakin ne za ka iya sake zanawa sau ashirin ba tare da asara ba. Saboda haka ɗaki shi zai bi haja, kuma duk matakan da ke ƙasa a kan wannan suka ginu.

Misalin da za mu bi har ƙarshe shi ne kwalbar man shafawa mai tsawon santimita 18 da faɗin santimita 6, wadda aka ɗauka a gaban farin bango, ana so a zaunar da ita a kan teburi kusa da taga. Sunayen kayan aikin na Photoshop ne, amma Photopea yana da kusan dukkansu da suna iri ɗaya, GIMP ma yana da makamantansu.

Da farko, karanta hoton hajarka

Abu uku kake nema a jikin hoton: tsayin da kyamara take, ɓangaren da haske ya fito, da kuma laushin hasken ko kaifinsa.

Tsayin kyamara yana rubuce a gindin kwalba. Gindin da'ira ne, amma in ka kalle shi daga gefe sai ya koma siffar ƙwai, kuma gwargwadon yadda kyamara ta ɗaga sama, gwargwadon yadda ƙwan yake buɗewa. Rabin gaba kawai kake gani, wato wannan lanƙwasar da ke ƙasan kwalbar. Ja layi miƙaƙƙe tsakanin gefen hagu da gefen dama na gindin, ka auna daga layin zuwa inda lanƙwasar ta fi sauka. A hotonmu faɗin kwalbar fiksel 600 ne, lanƙwasar kuma ta sauka fiksel 75. Ninka 75 sau biyu, 150 ke nan, ka raba da 600, ka sami kashi ɗaya bisa huɗu. Wannan yana nufin kyamarar tana kallon gindin daga kusurwar digiri 15 ko kusa da haka. Da rabi ka samu, da digiri 30 ke nan. Da gindin ya fito miƙe sak, to kyamarar a daidai fuskar teburi take. Riƙe wannan adadi na ɗaya bisa huɗu, za a dawo gare shi.

Haske kuma, dubi inda ƙyalli ya zauna a jikin kwalbar da ɓangaren da ya yi duhu. A tamu ƙyallin yana hagu, dogo ne mai faɗi, gefensa ya narke a hankali. Alamar babban haske ke nan mai laushi daga hagu, irin na taga. Da ɗan ɗigo ne fari fat mai kaifin gefe, da sai mu ce rana ce tsagwaronta ko filasha, kuma ɗakin da za a zana dole ya zama mai inuwa masu kaifi.

In hoton daga kyamararka ko wayarka ya fito, duba bayanan EXIF, wato bayanan da kyamara ke ajiyewa a cikin fayil ɗin hoto, ka ga tsawon lensin. Babbar kyamarar yawancin wayoyi tana daidai da milimita 24 zuwa 26, kuma in an matso da ita kusa da haja sai saman kwalba ya kumbura, gefunanta su tsuke zuwa ƙasa. Irin wannan hoton yana da wuyar zama a ko'ina. In hajar tana hannunka, ja da baya kamar mita ɗaya, ka yi amfani da lensin da ke jawo abu sau biyu ko uku, ka sake ɗauka. Minti goma ne, kuma ya fi awa biyu na gyara.

Yanke hajar

Ga kwalba mai santsin gefe, Pen Tool ya fi Select Subject tsafta, ko da yake na biyun ya fi sauri. Ko wanne ka ɗauka, yi yankan da Layer Mask, kar ka goge komai. Matso da gefen yankan ciki da fiksel ɗaya ko biyu, don farin bangon yakan bar siririn zobe mai haske a kewayen haja, wanda ba ka ganinsa sai ka ɗora ta a kan abu mai duhu. Sannan mayar da leyar zuwa Smart Object, domin ka iya rage girma da ƙarawa ba tare da rubutun ya dushe ba. In hoton asali yana da inuwar gaske a ƙarƙashin kwalbar, kar ka yar da ita. Ajiye kwafinsa a wata leya, yana iya amfani a gaba.

Zana ɗakin da zai dace da ita

Yanzu abin da ka karanto shi za ka rubuta a umarnin da za ka ba manhajar zane. Yawancinsu sun fi fahimtar Turanci, don haka ga irin abin da ake rubutawa:

```
oak table beside a window, soft daylight from the left, camera slightly above table level, 50mm lens, plain ceramic mug and a closed book, empty space in the center, no text
```

Kofi da littafin nan ba ado ba ne. Kofin ma'auni ne: shi zai gaya maka girma, ya nuna maka kusurwar kyamara, ya kuma koya maka yadda inuwa take faɗuwa a wannan ɗaki. Littafin kuma gefunansa miƙaƙƙu ne, za su taimaka wajen gano layin ido, wato tsayin da kyamarar take. Teburi fayau babu komai a kai ya fi kowane wuya, don ba ka da abin kwatance.

Manhajar ba ta auna digiri, ko ka rubuta mata 15 ba lallai ta bi ba. Saboda haka fitar da hotuna da yawa, takwas ko goma, ka tace. Wanda ya fi kyau a ido ba shi ne abin nema ba. Auna gindin kofin kamar yadda ka auna na kwalbar. In kofin yana da faɗin fiksel 320, lanƙwasar gindinsa ta sauka kamar fiksel 40, ɗaya bisa huɗu ke nan, ya dace. In ta sauka fiksel 80, ana kallon teburin ne daga digiri 30, ka jefar da shi komai kyansa. Bambancin digiri uku ko huɗu ido yana yafewa. Na digiri goma kuwa ko wanda bai san komai game da hoto ba zai ji wani abu bai zauna ba, ko da bai iya faɗin mene ne.

Idan hoton ya dace amma tagar ta fito a dama, juya ɗakin da Flip Horizontal. Kar ka juya kwalbar, rubutunta zai koma baibai.

Akwai wani abin da ake tacewa kuma. Hoton da na'ura ta zana ba kyamara ce ta ɗauke shi ba, saboda haka yana iya saɓa wa kansa: inuwar kofi ta nufi dama, ta littafi ta nufo gaba, ko gefunan teburi biyu su ƙi haɗuwa a wuri ɗaya. In ka ga haka, wuce shi. Ba za ka iya daidaita inuwarka da ɗakin da shi kansa bai yanke shawarar inda haskensa yake ba.

Kafin ka ci gaba, ƙara girman hoton ɗakin zuwa girman da za a buga. Mu a nan mun kai shi fiksel 2048 a faɗi, 2560 a tsayi. Yi wannan kafin ɗora haja, domin manhajojin ƙara girma suna sake zana ƙananan abubuwa, kuma in suka bi ta kan rubutun kwalba sai haruffa su zama wasu iri.

Layin ido da girma

Nan ne mutane suka fi yin aiki da ƙiyasi, alhali lissafin bai fi na firamare ba.

Buɗe sabuwar leya, ka ɗauki Line Tool. Bi gefen teburi na hagu da ke tafiya ciki, ka zarce da layin har ya wuce teburin. Yi haka da gefen dama, ko da gefunan littafin in teburin bai fito duka ba. Inda layukan suka haɗu, ja layi a kwance ya ratsa wurin daga wannan gefen hoto zuwa wancan. Wannan shi ne layin ido, wato tsayin da kyamarar take. A misalinmu ya faɗo fiksel 800 daga saman hoto.

Sai kofi. Kofi irin na yau da kullum mai hannu yana da tsayin santimita 9 zuwa 10, mu ɗauki 9.5. A hoton tsayinsa fiksel 380 ne, saboda haka a daidai nisan da yake, kowace santimita fiksel 40 ce. Da za ka ajiye kwalbar kafaɗa da kafaɗa da kofin, gindinsu a layi ɗaya, tsayinta 18 sau 40, fiksel 720 ke nan.

To amma ba kasafai ake son haja a layi ɗaya da kofi ba, an fi son ta matso gaba. A nan layin ido yake biyan wahalarsa. Gindin kofin yana fiksel 1800 daga sama, layin ido yana 800, tsakaninsu fiksel 1000. Tunda santimita fiksel 40 ce a wurin, kyamarar tana santimita 25 a saman teburi. Wannan santimita 25 ɗin ba ta canzawa ko ina ka tsaya a kan teburin: daga gindin kowane abu zuwa layin ido, kullum santimita 25 ce. Idan ka saukar da gindin kwalbar zuwa fiksel 2000, tazararsa da layin ido ta zama 1200. Raba da 25, santimita ta koma fiksel 48 a wurin. Tsayin kwalba 18 sau 48, fiksel 864. Danna Ctrl+T, ka tabbata faɗi da tsayi a ɗaure suke, ka kai ta wannan girma. Lissafin yana aiki sosai matuƙar kyamarar ba ta duƙa ƙasa da yawa ba, wato layukan tsaye na ɗakin, kamar gefen taga, suna nan a tsaye.

Akwai gwaji mai sauƙi a cikin wannan. Kwalbar santimita 18 ce, kyamara tana 25, don haka murfin dole ya tsaya ƙasa da layin ido, kuma dole a ɗan hango samansa. In a hotonka ba a ganin saman murfin ko kaɗan, alhali yana can ƙasa da layin, to hoton haja da ɗaki ba su dace ba, koma ka zaɓi wani ɗakin. Kar ka nemi gyara wannan da Perspective ko Distort. Waɗannan suna karkata abin da yake nan ne kawai, ba za su fito maka da saman murfin da kyamara ba ta gani ba. Iyakar aikinsu shi ne miƙar da gefunan kwalba in sun ɗan tsuke.

Hattara da kofin kansa. Na'ura tana iya zana kofi ƙato kusa da ƙaramin littafi. Gwada shi da abu na biyu: littafi mai girman A5 santimita 14.8 ne a 21. In lissafin biyun ya yi nisa da juna, yarda da abin da ya fi kusa da inda hajar za ta zauna, don da shi mai kallo zai kwatanta. Na taɓa aika wa wani mai haja hoto ina ta jin daɗin yadda kwalbar ta cika ido, sai ya amsa min da cewa tasa ba ta kai haka ba, masu saye za su ce ya yaudare su. Da na auna, na ƙara mata kusan kashi ɗaya bisa uku. Ido kullum yana son ya kumbura haja, don ita ce tauraruwar hoton.

Inuwa

Inuwa ba guda ba ce. Aƙalla iri biyu ce, kuma wadda aka fi mantawa ita ta fi aiki.

Ta farko ita ce inuwar mahaɗa, wannan siririn duhun da ke daidai inda gindin kwalba ya taɓa teburi, inda haske ba ya iya kutsawa. Rashinta ne yake sa haja ta yi kamar tana shawagi. Buɗe leya a ƙarƙashin kwalbar, ka zana siffar ƙwai mai faɗin gindin, mai buɗewar ɗaya bisa huɗu, yadda fiksel biyu zuwa huɗu kawai za su leƙo daga ƙarƙashi. Launinta ya zama ruwan ƙasa mai duhu ƙwarai, leyar a kan Multiply, sannan Gaussian Blur na fiksel 2 ko 3. Zuƙo gindin kofin ka ga yadda tasa take, ka kwaikwaya. A samanta ƙara wata mai faɗi da laushi, wadda ta bazu kamar fiksel 20 zuwa 30 a kewayen gindin, mara ƙarfi sosai. In ka ajiye inuwar hoton asali, sa ta a Multiply a nan, farin zai ɓace, duhun ya zauna, kuma sau da yawa ta fi wadda za ka zana da hannu.

Ta biyu ita ce doguwar inuwar da ke kwantawa a teburi nesa da haske. Kofin zai ba ka amsar komai game da ita. Ja layi daga tsakiyar gindinsa zuwa ƙarshen inuwarsa, ka sami alkibla. Auna tsawonta: in kofin mai fiksel 380 ya jefa inuwa mai fiksel 450 zuwa dama, ninki 1.2 ke nan na tsayinsa, don haka kwalba mai 864 za ta jefa kusan 1037, ko da za ta fita daga hoton. A ƙa'ida hasken da ya sauko daga digiri 45 yana ba da inuwa daidai tsayin abu, na digiri 30 kuma ninki 1.7, amma tunda kana da kofi a gabanka ba ka buƙatar sanin kusurwar.

Wajen yin ta, hanyar da aka saba ita ce a kwafi siffar kwalbar, a cika ta da baƙi, a kwantar da ita da Distort. Siffar tana yi, amma baƙin ne matsala: inuwar gaske ba baƙa ba ce, launin teburin ne da aka rage wa haske, kuma zanen katako yana nan ana gani a cikinta. Na fi son a ɗauki siffar da aka kwantar a mayar da ita Layer Mask ɗin leyar Curves, sannan a ja layin Curves ɗin zuwa ƙasa har duhun ya yi daidai da na inuwar kofi. Ɗora Eyedropper a cikin inuwar kofin da cikin taka, ka kwatanta lambobin. In ta kofin ta ɗan karkata zuwa shuɗi, kamar yadda inuwar hasken rana takan yi, rage ja kaɗan a taka.

Gefen inuwa kuma ba laushi ɗaya ne da shi ba daga farko zuwa ƙarshe. Kusa da gindi yana da kaifi, yana nisa yana narkewa yana kuma dusashewa. Gaussian Blur ɗaya a kan duka shi ne tambarin aikin gaggawa. Yi shi hawa uku: fiksel 4 a kusa da gindi, 15 a tsakiya, 40 a ƙarshe, ko ka yi amfani da Field Blur ka dasa maki biyu. Idan inuwar ta isa littafin, dole ta hau kansa ta karye a gefensa, ba ta ratsa shi kamar babu shi ba.

Dabarar kwantar da siffa tana da iyaka. Inuwa siffar abu ce kamar yadda haske yake ganinsa, ba kamar yadda kyamara take ganinsa ba. Kwalba zagayayya daga kowane gefe iri ɗaya ce, shi ya sa ta yi. Kwali mai kusurwa huɗu ko kwalba mai bakin famfo da ya nufo kyamara ba za su yi ba. Ga kwali, ja layin inuwa daga kowace kusurwar gindinsa, ka haɗa ƙarshensu da Pen Tool.

Wasu suna barin Generative Fill ya yi musu inuwar. Yana yi wani lokaci, amma zaɓi teburin kawai, ka bar kwalbar ta asali a leya ta sama ta rufe komai. In zaɓinka ya shiga jikin hajar, zai sake zana gefenta, ya canza murfi ko ya ɓata harafi, kuma abin da za ka tallata ya daina zama abin da kake sayarwa.

Sa ta sha iskar ɗakin

Saura launi. Kwalbar da aka ɗauka a farin wuri takan fi ɗakin haske da sanyin launi. Ɗora leyar Curves a kanta da Clipping Mask don gyaran ya tsaya a jikinta. Fara da sa leyar Black & White a saman komai na ɗan lokaci, don launi ya daina ruɗar ka. Wurin da ya fi duhu a kwalbar kar ya fi wurin da ya fi duhu a kofin, mafi haskenta kuma kar ya wuce na kofin da ke shan hasken taga ɗaya da ita. Cire leyar, sannan ka ɗumama launin kaɗan. Kaɗan fa, don launin haja yana cikin abin da mai saye yake biya.

Teburin katako yana mayar da haske sama, saboda haka ƙasan kwalbar ya kamata ya ɗan ɗauki launinsa. Ɗebi launin teburin, ka shafa da burushi mai laushi a kan santimita biyu ko uku na ƙasa, leyar a kan Soft Light, ƙarfinta kamar kashi 20 cikin ɗari. In teburin mai sheƙi ne kuma kana ganin hoton kofin a cikinsa, kwalbar ma tana buƙatar nata: kwafe ta, Flip Vertical, ka lanƙwasa saman kwafin da Warp ya rungumi gindin, ka dusashe shi zuwa ƙasa. In kofin ba shi da shi, kar ka ƙirƙira.

Dubi kaifi kuma. Idan kofin da ke kusa da ita ya fito tar, lafiya. Idan wurin da ka ajiye gindin kwalbar a dushe yake, to ka sa abu mai kaifi inda kyamara ba ta mai da hankali ba, matsar da shi zuwa inda zanen katakon ya fi fitowa, ka sake lissafin girma. A ƙarshe haɗa komai a sabuwar leya, ka sa Add Noise na kashi 1 zuwa 2, Gaussian da Monochromatic, don ɗakin da na'ura ta zana ya cika santsi, hoton kyamara kuma yana da ɗan yashi-yashi, wannan zai haɗa fatarsu.

Kafin ka fitar, juya dukkan hoton hagu zuwa dama na minti ɗaya. Idonka ya saba da shi, juyawar tana sa kuskure ya fito, musamman kwalbar da ta ɗan karkace. Mayar da shi, ka rage shi zuwa girman fuskar waya, don a nan za a kalle shi. In a wannan girman kwalbar tana shawagi, inuwar mahaɗa ce ta yi rauni. In ta yi kamar za ta faɗo maka ko ta kwanta baya, kusurwar gindinta da ta kofin ba su dace ba. In ta yi kamar takardar da aka manna, duba farin zoben gefe da kuma duhunta, ɗaya daga cikinsu ne. Ajiye fayil ɗin PSD da leyoyinsa, da layukan da ka ja, domin haja ta gaba da aka ɗauka daga wannan tsayi da wannan haske za ta zauna a ɗakin nan, lissafin tsayinta da siffar inuwarta kawai za ka sake.